Yadda Ake Zaɓen Fanka Don Ɗaki Mai Zafi: Faɗin Fiffike, Yawan Iska, Koyil Da Ƙara

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal a tsakanin watan Fabrairu da Afrilu, ya san zafin kudu daban yake da na gida. A arewa zafi busasshe ne, kana yin gumi yana bushewa. A nan iska cike take da laima, gumi sai ya zauna a jiki kamar an shafa maka manja, ka yi wanka da dare amma kafin ka kai tabarma ka sake jiƙewa. Shi ya sa fanka ce kaya na farko da ɗan cirani yake saye bayan katifa, wani ma kafin katifar.

Matsalar ita ce yawancinmu da ido muke saye. Mu ga mai sheƙi, mai fiffike biyar da fitila a tsakiya, mai shago ya ce "Oga, wannan orijina ce", mu biya mu tafi. Ni ma haka na yi da fankata ta farko, ba ta cika wata biyar ba ta fara warin ƙonewa, ta tsaya cak a tsakiyar dare. Da na kai wa mai naɗin koyil ya buɗe ya kankare wayar da wuƙa, sai ga ta fara fat a ciki. Babana da ya ji labari dariya kawai ya yi, ya ce wanda ya tashi a kara bai kamata a sayar masa da sa don kyan ƙaho ba. Daga lokacin na riƙa zama wurin mai gyaran ina kallo ina tambaya. Abin da ke ƙasa shi ne abubuwa huɗu da ake dubawa, bi da bi, kuma tsarin yana da muhimmanci: a fara da ɗaki, sannan iska, sannan injin, sannan ƙara.

Abin da fanka take yi da abin da ba ta yi

Fanka ba ta sanyaya iskar ɗaki. Idan ka rufe ɗaki ka bar ta tana juyawa har yamma, ɗakin ba zai yi sanyi ba, hasali ma injinta yana ƙara ɗan zafi kaɗan. Aikinta shi ne ta kaɗa iska ta bi ta kan fatarka, gumi ya bushe, bushewar gumin nan ita ce sanyin da kake ji. Iska mai motsi tana sa mutum ya ji kamar zafi ya ragu da digiri biyu zuwa uku, alhali ma'aunin zafi bai motsa ba.

Wannan yana nuna maka abu biyu. Na farko, fankar da iskarta ba ta iso inda kake kwance ba, ba ta yi maka komai ba, komai gudunta. Na biyu, akwai iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan zafi ya haura digiri 40, fanka tana iya ƙara wa jiki zafi maimakon ta rage. A bakin teku ba kasafai ake kai wannan ba, amma ɗakin kwano da ba shi da silin yana iya yin zafi fiye da waje da tsakar rana. Irin wannan ɗakin yana bukatar a buɗe taga da ƙofa iskar ta samu hanyar fita, in ba haka ba zafin da ya taru a sama shi fankar za ta riƙa turo maka.

Fankar sama ko ta tsaye?

Fankar sama tana da babban fiffike, tana juyawa a hankali, wajen sau 300 a minti ɗaya, tana watsa iska ko'ina a ɗakin. Ta tsaye fiffikenta ƙarami ne, yawanci inci 16 ko 18, amma tana gudu sosai, wajen sau 1,200 zuwa 1,400 a minti, tana harba iska waje ɗaya da ƙarfi. Idan mutum huɗu ne ke kwana a ɗaki a jere, ta sama ce za ta wadatar da kowa. Ta tsaye sai dai ta riƙa waiwaye, wannan ya samu, wancan ya jira.

Amma akwai wurare uku da ta tsaye ta fi. Na ɗaya, ɗakin da silinsa ya yi ƙasa. Na biyu, mai kwana a gidan sauro, domin rufin gidan sauron yana tare yawancin iskar da ke saukowa daga sama, ita kuwa ta tsaye kana iya matso da ita ta hura ta gefe. Na uku, ɗan haya da bai san ko zai sake shekara a gidan ba, ko wanda mai gida ya hana shi huda silin. Ta tsaye kuma tana da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba: da dare, idan waje ya fi ciki sanyi, ka ajiye ta a bakin taga ko ƙofa ta jawo iskar waje, abin da ta sama ba za ta iya ba.

Faɗin fiffike: auna ɗakinka kafin ka fita

Lambar da ake faɗa, 48 ko 56 ko 60, ba tsawon fiffike ɗaya ba ce. Faɗin da'irar da fiffiken ke zagayawa ne gaba ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan, a ma'aunin inci. A jikin wasu kwalaye da milimita ake rubutawa: 900 shi ne inci 36, 1200 inci 48, 1400 inci 56, 1500 kuma inci 60.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Bakin fiffike ya nisanci kowane bango da aƙalla inci 18, in son samu ne ƙafa biyu. Dalili shi ne iskar da fanka ta turo ƙasa sai ta bi ta gefen bango ta koma sama kafin a sake turo ta. Idan fiffike ya kusa taɓa bango, ka toshe mata hanyar komawa, sai ka ga fanka tana gudu amma iska ba ta sauka yadda ya kamata.

Ga yadda ake lissafin. Ɗakina ƙafa 10 ne a faɗi, ƙafa 12 a tsawo. Ɓangaren da ya fi ƙunci ake dubawa, wato ƙafa 10, wanda shi ne inci 120. Idan na cire 56 saura 64, na raba biyu, inci 32 ke nan a kowane gefe. Ta shiga da sarari. Amma ɗan shagon da faɗinsa ƙafa 7 ne, wato inci 84, idan ka cire 56 saura 28, kowane gefe inci 14 kacal, ta yi masa yawa. A nan mai inci 36 ce daidai, mai 48 kuma tana shiga da ƙyar. A taƙaice, ɗakin ƙafa 8 zuwa 10 mai inci 48 ta isa, ƙafa 10 zuwa 14 mai inci 56, falo babba mai inci 60. Dogon wuri kamar zaure ko shagon da ya kai ƙafa 20, gara matsakaita biyu a jere da ƙatuwa ɗaya a tsakiya, domin ɗaya ba za ta kai iska ƙarshe biyun ba.

Tsawon silin ma sai an auna. Fiffike ya kasance aƙalla ƙafa 7 daga ƙasa, don kada ya sari hannun mai cire riga. Sannan ya sauko daga silin da inci 8 zuwa 12 ko fiye, domin ta sama yake jawo iska, in ya manne da silin ba shi da abin jawowa. Silin ɗakina ƙafa 9 ne, inci 108. Fankar da sandarta sun sauko inci 14, saura 94, ya wuce ƙafa 7 wanda shi ne inci 84. Da a ce silin ƙafa 8 ne, inci 96, da saura 82, ka ga an shiga haɗari, sai a rage tsawon sandar ko a koma ta tsaye.

Kada yawan fiffike ya ruɗe ka. Mai biyar ba lallai ta fi mai uku iska ba, sau da yawa ma mai uku ta fi, domin injin bai sha nauyi ba. Abin da ke ture iska shi ne karkatar fiffiken. Ka duba shi ta gefe, ya kamata ka ga ya ɗan kishingiɗa, wajen digiri 12 zuwa 15 a fankar sama. Wanda yake shimfiɗe kamar faranti yanka iska kawai yake yi, ga gudu ba sakamako.

Yawan iska: lambar da mutane ba sa dubawa

A kasuwa za ka ji ana cewa "wannan wat ɗinta ya fi yawa, ta fi ƙarfi". Wat ba ƙarfin iska ba ne, yawan wutar da take sha ne. Saniyar da ta fi cin dusa ba lallai ita ta fi ba da nono ba. Haka lambar RPM, ita yawan juyawa a minti take nunawa, kuma ƙaramin fiffike yana iya juyawa da gudu bai ture iska mai yawa ba.

Lambar da za ka nema a jikin kwali ko takardar ciki ita ce wadda aka rubuta CMM ko CFM a gefenta. Dukansu yawan iskar da fanka ke turawa a minti ɗaya suke nufi, bambancin ma'auni ne kawai, CMM da mita, CFM da ƙafa. CMM ɗaya daidai yake da CFM 35 da ɗan ɗoriya. Saboda haka idan wani kwali ya ce 8,000 wani ya ce 250, kada ka ɗauka na farkon ya ninka na biyun. Raba 8,000 da 35, za ka samu wajen 228, ka ga mai 250 ɗin ce ma ta fi. Fankar sama mai kyau ta inci 48 takan ba da CMM 200 zuwa 230, ta inci 56 kuma wajen 240 zuwa 270.

Sannan ka haɗa lambobin biyu. Mu ɗauka an ajiye maka fanka biyu, dukansu inci 56. Ta farko CMM 260, wat 75. Ta biyu CMM 210, wat 80. Raba iska da wuta: ta farko ta ba da kusan 3.5, ta biyu 2.6. Ta biyun ta fi shan wuta kuma ta fi ƙarancin iska, ragowar wutar zafi take zama a cikin injin. Wannan lissafin na minti ɗaya a wayarka ya fi duk rantsuwar mai shago.

Kwalaye da yawa a kasuwanninmu ba su da wannan lambar sam, wasu kuma an rubuta ne kawai don ado. To sai ka gwada da jikinka. Idan ta tsaye ce, a kunna ta a lamba mafi ƙarfi, ka riƙe hankici ko takarda ka riƙa ja da baya kana ƙirga taku har inda ya daina kaɗawa. Ka yi wa ta biyu haka a wuri ɗaya. Idan ta sama ce kuma akwai wadda aka rataye a shagon, kada ka tsaya a ƙarƙashinta kawai, matsa gefe taku biyu ko uku, domin a ɗakinka ba lallai katifa ta kasance a tsakiya ba.

Maganar wat tana da wurinta, wato wajen biyan kuɗi. Fankar sama ta gargajiya tana shan wat 70 zuwa 80, ta tsaye mai inci 16 wajen 45 zuwa 55. Akwai sabon samfuri mai injin da ake kira BLDC, wanda ke shan wat 28 zuwa 35 ya ba da iska kusan ɗaya da ta gargajiya. Idan kana kunna mai wat 75 na awa 12 kullum, a wata ta sha yunit 27. Mai wat 30 za ta sha yunit 10.8. Bambancin yunit 16 ne da ɗan kai, idan muka ɗauka yunit ɗaya naira 200 ne, sama da naira 3,200 ke nan a wata. Ga mai mita ta kati, ko mai sola da batir, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinta shi ne ta fi tsada, kuma tana da allon lantarki a ciki wanda in wuta ta yi tsalle ta ƙona shi, ba kowane mai gyara ba ne yake da madadinsa. Ka tambaya ko ana samun allon kafin ka biya.

Koyil: jan ƙarfe ko alminiyam

A cikin injin fanka akwai siririyar waya da aka naɗe ɗaruruwan zagaye, an shafe ta da wani baniş mai hana wayoyin haɗuwa. Ita ake kira koyil, kuma ita ce ran fanka. Da jan ƙarfe ake yin ta, wanda masu gyara ke kira kofa, ko da alminiyam.

Bambancinsu a wucewar wuta yake. Idan kauri ɗaya ne, alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi. Wutar da ta sha wuyar wucewa zafi take zama. Kamfanin da ya san abin da yake yi yakan ƙara kaurin wayar alminiyam don ya cike giɓin, kuma irin wannan fankar tana iya yin shekaru. Amma mai neman arha ba ya ƙarawa, sai injin ya riƙa zafi fiye da kima, banishin ya bushe ya fashe, wayoyi su haɗu, shi ne warin ƙonewar da kake ji.

Akwai matsala ta biyu da ta fi shafar mu mazauna bakin teku. Alminiyam ba ya kama dalma da sauƙi, kuma inda aka haɗa shi da wayar jan ƙarfe yana saurin cinyewa idan akwai laima, balle iskar Legas ko Fatakwal mai gishiri. Sau da yawa koyil bai ƙone ba, mahaɗar ce ta ruɓe ta tsinke, kuma mai gyara zai ce maka gyaran ba ya daɗewa. Koyil na jan ƙarfe kuwa ana iya kama shi da dalma.

To yaya ake ganewa? Launi ba hujja ba ne. Banishin da kansa ja-ja ne, kuma akwai wayar alminiyam da aka lulluɓe da ɗan siririn jan ƙarfe a waje, irin wadda aka sa a tawa. Maganaɗisu ma ba ya taimakawa, domin ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. 'Yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan sun fi kowa sanin wannan, su kankarewa suke yi kafin su ɗora a sikeli: in ciki ja ne jan ƙarfe ne, in fari ne alminiyam. Mai shago ba zai bari ka kankare sabuwar fanka ba, kuma wayar da ta fito waje ba ita ce ta koyil ba, don haka kada a nuna maka ita a ce ga shaida.

Abin da za ka iya yi uku ne. Na farko nauyi. Jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi fiye da sau uku. Ka ɗaga kan injin fanka biyu masu girma ɗaya, ba tare da fiffike ba, wanda ya yi shafal kamar ba komai a ciki ka yi shakkarsa. A fankar tsaye kan za ka ɗaga, ba gindin ba, domin gindin da gangan ake cika shi da nauyi. Nauyi alama ce kawai, ba tabbaci ba. Na biyu zafi. Ka sa a kunna ta minti 15 zuwa 20 yayin da kuke ciniki, a kashe, ka ɗora hannu a murfin injin. Ɗumi ba laifi, amma in ba ka iya barin hannunka a kai, a ɗakinka inda za ta kwana tana aiki abin zai fi haka. Na uku rasit. In ya ce kofa ce ɗari bisa ɗari, ka ce, "Oga, rubuta min a rasit, da watannin garanti." Mai gaskiya zai rubuta. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

Ko jan ƙarfe ne, akwai abin da ke kashe koyil a unguwanninmu, wato wuta mara ƙarfi. An ƙera fankar ne don wuta mai bolt 220 zuwa 240. Idan aka kawo wutar da kwan fitila ke ja kamar garwashi, fanka tana gurnani amma da ƙyar take juyawa, ka kashe ta. Injin da wuta ke shiga amma ba ya juyawa sosai zafi kawai yake tarawa.

Ƙara: kowace iri da abin da take nufi

A cikin hayaniyar kasuwa kowace fanka shiru take. Sai ka kai ta ɗaki ƙarfe biyun dare sannan za ka san halinta. Don haka a shago ka kawo kunnenka kusa, kuma ka saurare ta a lamba ta ɗaya, ba ta ƙarshe kawai ba, domin a ƙaramin gudu ne ƙarar iska take raguwa ƙarar inji ta fito fili.

Shuuu na iska ba laifi ba ne, kuma yana ƙaruwa da gudu. Wannan ne ya sa fankar tsaye ta fi ta sama ƙara, kuma ya sa babbar fanka a lamba biyu ta fi ƙarama a lamba biyar daɗin barci. Manyan fankokin ƙarfe masu inci 20 ko 26 da ake gani a wurin taro da shagon walda suna da iska ƙwarai, amma ba na ɗakin kwana ba ne, sai dai in kana son ka yi barci kamar a tashar mota.

Gurnani mai ɗorewa, huuum, daga ɓangaren wuta yake. Yakan fito daga regileta mara kyau, ko daga inbata mai arha da wutarta ba sumul take ba, ko daga ƙarafan cikin injin da ba a matse su da kyau ba. In sabuwar fanka tana yin sa a shago da wutar Nepa, bar ta.

Ƙarar gurzawa, kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne. Kafin a kunna, ka juya injin da hannu. Ya kamata ya juya sumul ya daɗe kafin ya tsaya, kuma in ka girgiza sandar tsakiya kada ka ji tana wasa. Yawancin fankokin tsaye masu arha bushin ne a cikinsu maimakon boris, suna son ɗigon man keken ɗinki lokaci-lokaci. In bushin ya bushe fanka tana yin nauyi, injin ya yi zafi, ƙaramin fis da ke cikin koyil ya tsinke, ka wayi gari ta mutu alhali digo biyu na mai ne ya kashe ta.

Ƙas-ƙas-ƙas da rawa kuwa yawanci daga haɗi ne. Ko noti bai ɗauru ba, ko fiffike ɗaya ya lanƙwashe. Ka kashe ta, ka auna daga silin zuwa bakin kowane fiffike a wuri ɗaya kana juyawa, duka su zo daidai. Kada ka haɗa fiffiken wannan fanka da na waccan ko da kamfani ɗaya ne, domin saiti-saiti ake auna nauyinsu. Kuma ka tabbata an rataye ta a ƙugiyar ƙarfe ko katako mai ƙwari, ba a jikin allon silin ba, an kuma sa ɗan fil ɗin da ke hana notin sanda kwancewa. Fankar da ke rawa a kan yara ba abin a bari sai gobe ba ce.

Akwai alama ɗaya da ke sa mutane su zubar da fanka mai lafiya. Idan ta rage gudu a hankali, ko sai ka tura ta da sanda kafin ta tashi, yawanci ba koyil ba ne, kafasito ne ya gaji. Ɗan ƙaramin abu ne mai waya biyu, a fankar sama yawanci an rubuta 2.5µF a jikinsa, a ta tsaye wajen 1.2 zuwa 1.5. Kuɗinsa kaɗan ne. A sa mai lamba ɗaya da wanda aka cire. Wasu masu gyara suna sa wanda ya fi girma don fanka ta ƙara gudu, za ta yi gudun kuwa, amma koyil ne ke biya da zafi.

Abin da na saya a ƙarshe

Da na koma kasuwa karo na biyu, da takarda na je a aljihu: 10 da 12, silin 9. Na riga na san inci 56 nake nema, don haka duk wanda ya jawo min wata daban na wuce. Na ware guda uku, na cire ɗaya saboda kanta ba nauyi, na cire ta biyu saboda tana gurnani a lamba ɗaya. Ta ukun mai fiffike uku ce, ba fitila ba ado, kuma ta fi sauran tsada. Na sa aka bar ta tana aiki muna ciniki, na taɓa na ji ɗumi kawai, mai shagon ya rubuta min kofa da garanti a rasit. Daga baya na ƙara ƙaramar ta tsaye mai caji saboda daren da aka ɗauke wuta da kuma gidan sauro.

In za ka je gobe, ka auna faɗin ɗaki da tsawon silin tun yau, ka tafi da hankici a aljihu, kuma kada ka yarda a ba ka wadda ke cikin kwali a rufe bayan an gwada maka wata. Wadda za ka ɗauka ita za a buɗe a kunna a gabanka, ka ƙirga fiffike da notina da regileta, sannan ka miƙa kuɗi. Rasit kuma a ajiye shi inda ruwan damina ba zai same shi ba.